Takardar kaya a hoto: yadda ake gano inda lissafi ya sha bamban

Tambaya: Salamu alaikum, Malam. Ina da shagon kayan masarufi a Aboabo, nan Kumasi. Dilan da nake sarin kaya a wurinsa a Adum ya turo mini hoton takardar kaya ta WhatsApp, jimlarsa sidi 15,315. Ni kuma da na buga a kalkuleta sai na samu 14,475. Na buga sau uku, duk haka. Ga hoton nan na haɗa. Wa ya yi kuskure, kuma yaya zan riƙa dubawa kafin in tura kuɗi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Na buɗe hoton, na faɗaɗa shi, na bi shi layi bayan layi. Kuskure biyu ne suka haɗu suka ba ka wannan tazarar ta sidi 840, ɗaya naka, ɗaya na wanda ya rubuta takardar. Abin da ya kamata ka biya, idan kayan da aka sauke maka sun cika kuma farashin shi ne wanda kuka yi, sidi 15,045 ne. Bari in nuna maka yadda na kai ga wannan, domin gobe ka yi da kanka.

Kowane layi a takardar kaya yana ɗauke da lambobi uku: yawan kayan, farashin guda ɗaya, da kuɗin layin gaba ɗaya. A takardarka an buga su da Turanci a sama, `Qty`, `Unit Price` da `Amount`. Waɗannan ukun shaidun juna ne. In ka san biyu, na ukun ba shi da inda zai ɓuya. Abin da ka yi shi ne ka ɗauki biyu na farko ka ninka, ka haɗa duka a kalkuleta a tafiya ɗaya, sannan ka kwatanta da jimlar ƙasa. Shaida na uku, wato kuɗin da aka rubuta a gaban kowane layi, ba ka tambaye shi komai ba. Shi ya sa ka san akwai matsala amma ba ka san gidan da take ba, kuma ko sau goma ka sake bugawa amsa ɗaya za ka samu, tunda idonka zai sake karanta abin da ya karanta da farko.

Ni abin da nake fara yi shi ne kwafe takardar da hannuna a wata farar takarda, yadda take, ba tare da na gyara komai ba. Ko na ga lamba ta yi mini kama da kuskure, haka nake rubuta ta. Ga abin da na kwafo daga hotonka, layi bakwai:

Shinkafa buhu 12, kowane 385, an rubuta 4,620. Man girki katan 6, kowane 540, an rubuta 3,240. Sukari buhu 3, kowane 690, an rubuta 2,070. Taliya katan 13, kowane 130, an rubuta 1,960. Sabulu, yawansa bai fito sosai ba, kowane 95, an rubuta 1,615. Madara 5, kowane 312, an rubuta 1,560. Ashana 20, kowane 12.50, an rubuta 250.

Daga nan sai in bi kowane layi daga hagu zuwa dama, shi kaɗai, in ninka in kwatanta. Shinkafa, mai, sukari, madara da ashana duk sun tsaya daidai. Saura biyu.

Mu fara da sabulu, inda naka kuskuren yake. Mai rubutun yana yin bakwai ɗinsa da ɗan gajeren kai, kuma ninkin takardar ya ratsa daidai ta kan lambar, ga inuwar hannun mai ɗaukar hoton ta faɗo a wurin. Duk wanda ya kalla da sauri 11 zai gani. Na tabbata haka ka karanta, domin 11 sau 95 yana ba da 1,045, kuma da wannan ne kawai lissafinka zai sauka a 14,475. To amma ba sai mun yi ta zura wa hoto ido muna gardama ko ɗaya ne ko bakwai ba. Ka ɗauki kuɗin layin ka raba da farashin: 1,615 a raba da 95 ya ba da 17 cif, babu saura. Lambar 17 ce. Katan shida ka rage wa kanka a lissafi, kuma shida sau 95 sidi 570 ke nan. Wannan dabarar ta rabawa ita ce babban makamin mai karanta takarda a hoto. Duk lambar da ta dushe, ko ninki ya cinye ta, ko hasken fitila ya wanke ta, sauran biyun za su faɗa maka ita, muddin su sun fito.

Layin taliya kuwa labarinsa daban. Lambobin uku duk sun fito tas, babu wanda za a ce hoto ne ya ɓata shi, amma 13 sau 130 ba 1,960 ba ne, 1,690 ne. Kafin in ɗora laifin a kan kuɗin layin sai da na gwada sauran biyun, ko wani daga cikinsu ne aka rubuta ba daidai ba. Na raba 1,960 da 130, ya ba ni 15 da ɗan ɓurɓushi, kuma ba a sayar da ɓurɓushin katan. Na raba shi da 13, ya ba ni 150 da fesewa 76 har da saura, farashin da babu dilan da zai yanka wa katan ɗin taliya. Saboda haka yawan da farashin suna nan lafiya, kuɗin layin ne ya karkace. Dubi lambobin biyu kusa da juna, 1,690 da 1,960. Shida da tara ne suka yi musayar wuri. Yaron ya gani a kalkuleta daidai, wajen sauke shi a takarda hannunsa ya juya su. An ƙara maka sidi 270.

Yanzu haɗa 570 da 270, ka ga 840 ɗinka ta fito.

Akwai abin da nake so ka lura da shi a nan, don shi ne yake cin mutane da yawa. In ka haɗa kuɗaɗen layukan nan bakwai daga sama zuwa ƙasa yadda aka rubuta su, 15,315 za ka samu, daidai da jimlar dilan. Wato haɗawarsa ba ta da aibi. Wanda duk ya tsaya a duba jimla kaɗai zai ce takarda ta yi kyau, ya tura kuɗi. Kuskuren yana kwance a cikin layi, jimla kuma ta ɗauke shi ta tafi da shi ba tare da ta sani ba. Dubawa daga hagu zuwa dama da dubawa daga sama zuwa ƙasa ayyuka biyu ne, ɗaya ba ya isar wa ɗaya.

Ita tazarar kanta tana magana, in ka san yadda ake saurarenta. Duk lokacin da lambobi biyu suka yi musayar wuri, bambancin da zai fito yana rabuwa da 9 ba saura. Gwada 270: a raba da 9 ya ba da 30. Har ma ya ƙara maka bayani, domin ukun nan yana nufin tsakanin lambobin da suka juya akwai tazarar uku, kamar 6 da 9, ko 2 da 5, sifirin kuma yana nuna cewa a gidan gomomi da ɗaruruwa abin ya faru. Sai ka bi jerin kuɗaɗen kana neman inda irin waɗannan suke maƙwabtaka. Haka kuma idan ɗigo ya zame ko sifiri ya ƙaru, misali a rubuta 2,500 maimakon 250 na ashana, bambancin 2,250 ne, in ka raba da 9 sai ya ba ka 250, ainihin lambar da ake nema. Idan tazarar ta yi daidai da kuɗin wani layi sukutum, to an tsallake layin ne ko an haɗa shi sau biyu. Idan kuma ta rabu da farashin wani kaya ba saura, kamar yadda 570 ta rabu da 95, to yawan wannan kayan ne aka karanta ba daidai ba.

Sai dai wannan yana da iyaka, kuma takardarka ta nuna iyakar. Raba 840 da 9, ba za ta rabu ba. Kuskure biyu in suka cakuɗe, kowanne yana rufe sawun ɗan'uwansa. Don haka ba a fara farauta daga tazarar jimla. Layi-layi ake fara bi, a fitar da tazarar kowanne shi kaɗai, sannan a tambaye ta. Kuma rabuwa da 9 alama ce kawai, tana nuna maka inda za ka fara leƙawa, ba hukunci ba ce, domin akwai lambobin da za su rabu da 9 don dacewa kawai.

Kan ɗigo, dubi layin ashana a hotonka. Farashin kamar 1250 ya fito, saboda ɗigon ɗan tabo ne na biro, kuma WhatsApp yana matse hoto yana rage masa nauyi kafin ya aika, ƙananan abubuwa irin ɗigo da waƙafi su ne farkon tafiya. Ashirin sau 12.50 ya ba da 250 da aka rubuta, shi ya tabbatar mini. Ka roƙi dilanka ya riƙa turo hoton ta hanyar `Document` maimakon ta `Gallery`, domin ta nan fayil ɗin yana zuwa yadda aka ɗauke shi. Ya shimfiɗa takardar a kan tebur, ya riƙe waya a samanta tsaye, kusurwoyi huɗu duk su shiga, kuma farar ta asali zai ɗauka, ba kwafin kabon da ke ƙarƙashi ba, wanda rubutunsa ya riga ya yi shuɗi-shuɗi ya dushe. Hoton da aka ɗauka a karkace yana da wata illa da ba a cika lura da ita ba: layukan suna gangarawa, sai ido ya taso daga sunan sukari a hagu ya sauka a kuɗin taliya a dama. In dole da irin wannan hoton za ka yi aiki, ƙirga sunayen kaya a hagu, ƙirga kuɗaɗe a dama, ka tabbata yawansu ɗaya, sannan ka haɗa na farko da na farko, na biyu da na biyu. Masu amfani da manhajar waya da ke kwafo rubutu daga hoto su ma kada su saki jiki, tana yawan zubar da ɗigo, tana rikita 1 da 7 kamar yadda ido yake yi, kuma rubutun hannu yana ba ta wahala. Abin da ta kwafo ma sai an bi shi da ninkawa.

Idan takardun sun fara yawa, ka sa su a Excel ko Google Sheets, ko a waya ma yana yi. Ka fara daga layi na 2: sunan kaya a `A`, yawa a `B`, farashi a `C`, kuɗin da ke rubuce a takarda a `D`. A `E2` ka sa na farko daga cikin lissafi ukun nan ka ja shi ƙasa, sauran biyun kuma a ƙarƙashin jerin:

```
=ROUND(D2-B2*C2,2)
=SUM(D2:D8)
=SUMPRODUCT(B2:B8,C2:C8)
```

Duk layin da `E` bai nuna sifiri ba, can matsalar take. Na biyun zai ba ka jimlar abin da aka rubuta, na ukun jimlar abin da ya kamata a rubuta. A takardarka 15,315 da 15,045 za su fito. Sharaɗin ɗaya ne, `D` da hannu za ka cika shi daga takarda. In ka bar na'ura ta lissafa maka shi, ka kori shaidan da ka zo yi wa tambaya.

To, duk wannan lissafi ne a kan takarda, kuma takarda tana iya yin daidai da kanta alhali ba ta yi daidai da abin da ya shigo shagonka ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai a hotonka ma ba taliyar ba ce, layin madara ne. An rubuta 5 kawai, ba a ce katan ba, ba a ce dozin ba, ba a faɗi girman gwangwani ba. Biyar sau 312 daidai ne, amma biyar na me? In katan mai gwangwani 24 ne, kowane gwangwani ya kama maka sidi 13. In mai 48 ne, sidi 6 da fesewa 50. Kai ka san nawa kake sayar da gwangwani ɗaya a Aboabo, don haka raba farashin katan da abin da ke cikinsa, nan take za ka ji ko maganar ta zauna. Haka man girki: katan 6 aka rubuta, in kowane katan jarka huɗu ne, jarka 24 za ka ƙirga, kowace a kan 135. Lokacin da mai aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ya sauke kaya, kafin a shigar da su ciki su cakuɗe da tsofaffi, tsaya da takardar a hannu ka ƙirga. Sabulun nan musamman, ka tabbata katan 17 ne a ƙasa. Lissafi ya nuna 17 aka caje ka, bai nuna 17 aka loda ba.

Farashin ma ka kwatanta shi da abin da kuka yi magana, da kuma takardar da ta gabata. Sidi biyar a kan buhun shinkafa ba ya ɗaga ido, amma a buhu 12 sidi 60 ne. Ka kuma yi hattara da cinikin baki. Tun 2007 aka cire sifiri huɗu daga sidi, dubu goma na da ya koma sidi ɗaya, amma har yau a Kejetia da Adum akwai manya da suke faɗin farashi da tsohon lissafi. Mutum zai ce maka buhu miliyan uku da dubu ɗari takwas da hamsin, yana nufin 385. Wanda ya saba ba ya ruɗewa, amma in yaro ne ya karɓi saƙon ya rubuta, nan ake samun sifirin da ya ƙaru ko ya ɓace. In kun gama ciniki ta waya, rubuta masa farashin da lambobi a saƙo, ya amsa, ka ajiye.

Takardarka ba ta da layin haraji, don haka ba zan daɗe a nan ba, amma wata rana za ka sayi kaya a kamfanin da ke ba da takardar harajin VAT ta GRA, hukumar tara haraji ta Ghana. Daga 2023 zuwa ƙarshen 2025, ana fara ɗora harajin inshorar lafiya NHIL kashi 2.5, na asusun ilimi GETFund kashi 2.5 da harajin COVID-19 kashi 1 a kan kuɗin kaya, sannan a ɗora VAT kashi 15 a kan abin da ya taru. Kayan sidi 1,000 sai ya zama 1,060, VAT ɗinsa 159, jimla 1,219. Daga Janairun 2026 an cire na COVID-19, sauran ukun kuma kowanne a kan kuɗin kayan kai tsaye ake lissafa shi, 25 da 25 da 150, jimla 1,200. Ka duba kwanan watan takardar kafin ka ce an yi kuskure. Bambancin fesewa ɗaya ko biyu a irin wannan takardar daga cike lamba yake zuwa, ba abin kira ba ne.

Abu ɗaya ya rage, kuma shi ne ya taɓa cin mu kuɗi. Lokacin da nake riƙe wa wani ɗan kasuwa littafi, wani dila ya turo mana takarda mai shafi biyu, hoto biyu daban-daban. Shafi na biyu ya fara da layin da aka rubuta `B/F` a gabansa, wato jimlar shafin farko da aka ɗauko aka kawo, amma hoton ya yanke gefen hagu, haruffan ba su fito ba, sai kuɗin kawai. Muka haɗa jimlar shafin farko da jimlar na biyu muka tura ta MoMo, ashe shafin farko sau biyu muka biya. Sai da aka zo rufe lissafin wata muka gani, kuma kafin a daidaita an yi makonni ana kai da komo, har zumunci ya so ya taɓu. Tun daga ranar, kowane hoto ya zo sai na fara duba lambar takardar, kwanan wata, da ko akwai shafi na gaba, sannan in nemi duk wani kuɗi da ba shi da yawa da farashi a gabansa. Irin wannan layin ko dai jimlar baya ce, ko tsohon bashi, ko kuɗin mota, ko ragi, kuma kowannensu sai an tambaya. A hotonka ƙasan takardar ya ɗan yanke daga ƙarƙashin jimla, ban ga wurin sa hannu ba. Ka sa a sake ɗauko maka ita cikakkiya.

Game da dilanka, ni ban ga alamar ha'inci a nan ba. Juyewar shida da tara kuskuren hannu ne da kowane mai rubutu yake yi in layi ya yi tsawo a gaban shago, kuma da ta juya ta ɗaya gefen kai ne za ka ci 270, wanda shi ma wajibi ne ka faɗa masa. Kada ka tura 15,045 shiru ka bar shi da 15,315 a littafinsa, domin 270 ɗin za ta zauna a matsayin bashi a kanka, wata uku nan gaba ta fito a wata takardar lokacin da kowa ya manta asalinta. Rubuta masa a fili: Alhaji, barka da kasuwa, a takarda mai lamba kaza, layin taliya katan 13 a kan 130 ya kama 1,690, an rubuta 1,960, don haka jimla ta zama 15,045, a duba mini. In ya amsa, ya soke lambar da layi ɗaya yadda tsohuwar za ta ci gaba da karantuwa, ya rubuta sabuwar a gefe ya sa hannu, a nasa kwafin da naka, ko ya sake sabuwar takarda ya soke tsohuwar. Ya turo hoton gyaran, sannan ka tura kuɗi, ka sa lambar takardar a wurin `Reference` na MoMo.